Ɗigo na Shida a Kwamfutar Jikana

Abin da zan ba ku labarinsa a ɗakin jikin zauren gidanmu ya faru, a nan Birnin Gwari, da rana tsaka, ina zaune a kan tabarma ina ɓarar gyaɗa. Ba a ba ni labari ba. Idona ne ya fara gani.

Jikana, ɗan babban ɗana, ya yi karatu a Kaduna ya dawo gida ya yi aure, ya kafa tebur a wannan ɗaki yana buga wa mutane takardu da kwamfuta. Ya ɗora sola a kan kwano, saboda haka ɗakinsa ne kaɗai fanka ke juyawa ko babu wuta. Ni kuwa zafi ba ya yi mini daɗi tun ina yarinya. In an yi azahar sai in ɗauki ƙwaryata in tafi can in zauna a bayansa.

“Tsohuwa, kin zo shan iskata kyauta,” in ji shi.

“Mai gidan da ba ya ba da cefane, ai ko iska ya bayar,” in ji ni.

Mahaifinsa ɗan hatsi ne. Yana sayen masara a ƙauyuka ya kai Kaduna. Tun da hanya ta lalace da mutanen daji, 'yan hatsi suka daina tafiya ɗaiɗai, sai a ayari. Ranar tashin ayari ba a faɗarta a kasuwa, ba a faɗarta a majalisa, wasu ko matansu ba sa gaya wa. Shugabanninsu ne ke yankewa, jikana ya buga a takarda: rana, lokaci, motocin da za su tafi, da mai kowace mota. Sai ana gobe tafiya a miƙa wa direbobi. An ba shi wannan aiki ne don shi ɗan gida ne, kuma ba shi da yawan magana.

To, jikan nan nawa yana da abokai huɗu tun na makaranta. Ɗaya yana aiki a Kaduna, ɗaya yana Zariya, ɗaya yana koyarwa a Randagi, ɗaya kuma ya koma garin matarsa, Dogon Dawa, yana noma yana gyaran waya. Dukansu sun ci tuwona suna samari. A da, in an yi hutu, nan ɗakin suke taruwa da kwamfutocinsu, su haɗa su da igiyoyi, su yi wani tsohon wasa. Na sha kallonsa. Wasu 'yan ƙananan mutane ne suke saran itace, suna noma, suna gina ganuwa, in sun tara ƙarfi sai su tafi su rushe garin maƙwabci. Na ce masa wannan ai ba wasa ba ne, labarin ƙasarmu ne. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Da suka watse, wasan ya mutu, domin shi wannan wasa tsoho ne, bai san nesa ba. Jikana ya ce an yi shi ne tun zamanin da sai kwamfutoci suna ɗaki ɗaya, a kan igiya ɗaya, suke ganin juna. Ana nan, ana nan, sai na Zariya ya samo musu wata manhaja. Ranar wata Juma'a na shigo na tarar da jikana shi kaɗai a ɗaki, da abin ji a kunne, yana ihu kamar ana tsiyarsa a kasuwa.

“Da wa kake?”

“Da su mana. Duk muna ciki.”

“Cikin ina?”

Ya cire abin kunnen ya juyo. Ya ce manhajar ƙarya take yi wa wasan. Kowa yana garinsu da nasa sabis da tasa data, amma ita sai ta gina musu ɗaki guda a intanet, ta ba kowace kwamfuta wata lamba ta biyu, ta cikin ɗakin. In wasan ya duba sai ya ga kamar igiya ɗaya ce ta haɗa su. Mutum ɗaya ya buɗe fili, sauran su gan shi su shigo, in kuma bai fito musu ba su buga lambarsa.

“Ɗakin yana da ƙofa?”

“Yana da suna, yana da kalmar sirri. Ni na buɗe shi. Wanda bai san biyun nan ba ba zai shigo ba.”

“Wanda ya sani fa?”

“Wanda ya sani ai namu ne, Kaka.”

Ya nuna mini wata 'yar taga a gefen allon. Sunaye ne a jere, kowane da ɗigo a gabansa. Ni ban yi boko ba, rubutun bai ce mini komai ba, amma na san kala kuma na iya ƙirga. In mutum yana ciki ɗigonsa kore ne, in ya kashe sai ya dushe ya zama toka-toka. Nasa a sama, huɗu a ƙasa. Biyar.

Kowace Juma'a, daga saukowa masallaci har la'asar, haka suke yi. Na Dogon Dawa ne kullum matsalarsu. Sabis ɗinsa ba ƙarfi, mutanensa su tsaya cak a tsakiyar gona, wasan kowa ya tsaya yana jiransa, su yi ta yi masa tsiya.

“Kai, ka hau bishiya mana!”

“Ku bar shi, a kan jaki datarsa ke zuwa.”

Ni dai tun farko zuciyata ba ta kwanta ba. Ɗakin da ba a ganin fuskar wanda ke ciki, ba a jin sallamarsa, ba a ganin takalminsa a bakin ƙofa. A garin nan, in baƙo ya kwana a gidanka sai ka kai shi gaban mai unguwa. Amma na ci gaba da ɓarar gyaɗata. Sai dai duk Juma'a, kafin ya buɗe wasan ya rufe 'yar tagar nan, idona yakan je can da kansa.

Wata Juma'a cikin kaka, an fara ɗaukar masara, ya tashi ya je alwala ya bar tagar a buɗe. Na duba. Na sake dubawa. Na sa yatsa a kan allon na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya dawo na ce, “Mai gida, kun yi sabon aboki?”

“A'a.”

“To ku nawa ne?”

“Mu biyar mana. Tsufa ya fara taɓa lissafin ne?”

“Ƙirga.”

Ya sunkuya yana murmushi, sai murmushin ya tsaya a inda yake. Shida ne. Na shidan yana can ƙasa, kore shar. Ya ce sunan ba sunan mutum ba ne, haruffa ne da lambobi irin waɗanda kwamfuta ke raɗa wa kanta. Shi kullum danna manhajar kawai yake yi ya wuce wasa, bai san tun yaushe abin yake nan ba.

“Daga wane gari yake?”

“Ba ta nunawa.”

“Rubuta masa ka ce wane ne.”

Ya rubuta. Shiru. Ya duba cikin wasan, babu shi a can. Yana cikin ɗakin ne kawai, a zaune, bai ce uffan ba.

Ya kira na Zariya, ya ce wallahi bai ba kowa ba. Ya kira na Kaduna, ya ce shi ya ma manta kalmar, tun ranar farko da ya buga ta bai sake buƙatarta ba. Na Randagi ya ce wa zai ba, a inda shi kaɗai ke da kwamfuta? Sai ya kira na Dogon Dawa, ya buɗe murya ina ji.

“Ka ba wani kalmar ɗakinmu?”

Muka ji ya yi gyaran murya. Sannan ya ce, “Wace kalma? A'a. Ni ban... sabis ba kyau, zan kira ka.” Ya kashe. Bai kira ba.

Jikana ya zauna yana kallon allon. Can sai na ga ya dafe kai da hannu biyu ya ce, “Innalillahi.” Na ce mene ne.

Ashe lokacin da suka fara, wasan ya ƙi haɗuwa, don kowa da irin nasa, wani tsoho wani sabo, kuma sai iri ɗaya yake karɓa. Sai ya buɗe musu folda a kwamfutarsa, wato akwatin ajiya, don kowa ya kwafi nasa ta cikin ɗakin. Garin sauri bai ware wasan shi kaɗai ba, babban akwatin ya buɗe gaba ɗaya, bai sa masa makulli ba. Kuma akwai wani mai gadi a cikin kwamfuta da ke tare baƙin hanya. Ya ga yana hana su ganin filinsa, sai ya kashe shi ɗungurungum. Ya ce ai su ya su ne. Wata da watanni akwatin yana buɗe. A cikinsa kuma, kusa da wasan, takardun aikinsa ne. Har da ta ayarin da zai tashi ran Litinin, wadda ya buga jiya Alhamis.

“Ka duba ko ya buɗe ta.”

“Kwamfutar ba ta ajiye wannan, Kaka. Sai in da na sa ta tun farko. Ban sa ba.”

Nan take ya kori ɗigon daga ɗakin, ya rufe akwatin, ya tayar da mai gadin. Ya ce amma korar ba ta isa ba, tunda mutumin yana da kalmar zai iya dawowa. Sai ya rushe ɗakin baki ɗaya. Biyar ɗin ma suka ɓace.

Da mahaifinsa ya dawo daga kasuwa bayan la'asar, jikana ya durƙusa ya gaya masa komai. Ɗana ba mai faɗa ba ne, amma ran nan muryarsa har cikin gida.

“Rayukan mutane ka ajiye kusa da wasan yara? Motata ce ta uku a takardar nan!”

Da ya huce kaɗan sai ya tambayi wa ake zargi. Ni ce na faɗa. Na ce yaron Dogon Dawa ya yi in-ina a waya.

Ina faɗa na ga fuskar ɗana ta canja, na kuma san abin da na yi. Ya ce gobe da safe zai kai sunan yaron wurin mai unguwa, daga can a sanar da 'yan sa-kai. A ƙasarmu, in aka ce da mutum infoma ne, mai kai wa mutanen daji rahoto, ba a cika jiran shaida ba. Mun ga waɗanda aka ɗauka a kan abin da bai kai wannan ba. Wasu sun dawo. Wasu iyalansu sun bar gari.

Amma kada in yi muku ƙarya, ni ma zuciyata ta riga ta kama yaron. Abubuwa suka riƙa dawo mini. Zuwansa na ƙarshe ya tambaye ni, “Kaka, Baba yana tafiya Kaduna har yanzu?” A lokacin gaisuwa na ɗauke ta. Babur ɗinsa sabo ne. Gonarsa tana bakin daji, an kori maƙwabtansa shi yana nomawa. Kowane ɗaya a cikin waɗannan yana da amsa mai kyau, na sani, amma da na jera su sai suka yi layi kamar sun san juna.

Duk da haka na ce wa ɗana ya ba ni kwana ɗaya. Na ce yaron da ya ci abinci a ƙwaryata ba za a kai sunansa ko'ina ba sai na ga idonsa. In ya ƙi zuwa, ya yanke wa kansa hukunci. Ɗana ya ce zuwa azahar ɗin gobe, bai ƙara ba. Jikana ya aika masa saƙo cewa Kaka na nemansa, kuma ya zo da kwamfutarsa.

Ya zo. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji babur a ƙofar gida. Ya shigo da kwamfutar a cikin buhu, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai ɗago ba. Na sa jikana ya fita, na hana a kawo ruwa tukuna.

“Ɗan nan, wa ka shigo mana da shi gida?”

“Kaka...”

“Ba na son Kaka. Suna nake so, ko dangantaka.”

Ya daɗe yana murza bakin buhun. Sannan ya ce, “Yayan matata ne.”

Labarin ya fito a hankali, sai ina ja yana saki. A unguwarsu wuri ɗaya ne sabis ke kamawa sosai, shagon cajin waya na wannan surukin nasa, wanda ya kafa eriya a kan dogon ƙarfe. A can yake zama duk Juma'a ya yi wasan, a kan bencin surukin, da wutar surukin. Mutumin ya yi ta kallo ta bayansa har abin ya shiga ransa. Rannan ya fito da tasa kwamfutar ya ce, “Sa mini ni ma.”

“Sai ka sa masa.”

“Kaka, shi ya ba ni aurenta. Mahaifinsu ya rasu, shi ne uba. A gidansu nake zaune. In ce masa me? In ce abokaina ba su yarda da shi ba?”

“Ka ce sai ka tambaya.”

“Na ce. Ya ce, au, har sai an yi shawara a kaina? A gaban mutane ya faɗa.”

Ya ce ya yi niyyar gaya wa jikana, kullum sai ya ce gobe. Da aka kira shi jiya kuwa, yana cikin shagon, surukin yana tsaye a kansa yana jin komai, don in ya fita daga shagon wayar ba za ta kama ba.

Na ce, “To me ya sa yana ciki ba ya wasa?”

“Bai samu wasan ba tukuna. Nawa a kafe yake a kwamfutata, ba ya kwafuwa, na goge ainihin kwafin don yana cin wuri, kuma na ji tsoron in ba shi wani iri ya ƙi haɗuwa. Sai na nuna masa inda muka kwafa. Yana jan wasan sabis yana yankewa, yana ja yana yankewa, shi ya sa yake barin kwamfutarsa a kunne.”

Na ce, “Kai ka nuna masa akwatin?”

“Wasan kawai na nuna masa.”

“Takardun da ke gefe fa?”

Sai a lokacin ya ɗago. “Waɗanne takardu?”

Na dube shi, na daɗe ina dubansa. Na haifi bakwai, na riƙe jikoki, na san fuskar mai ƙarya. Wannan fuskar wanda bai sani ba ce. Ko kuma fuskar wanda ya iya sosai. Shekaruna ba su ba ni ikon rabe su ba.

“Shi surukin naka, wane irin mutum ne?”

“Mai salla ne, Kaka.”

“Ban tambaye ka sallarsa ba. Su wa ke caji a shagonsa?”

Ya sunkuyar da kai. “Kowa da kowa. Ba a tambaya. Wanda ya tambaya ba ya kwana a garin.”

Na kira ɗana da jikana, na sa ya maimaita a gabansu. Da ya ji abin da ke cikin takardar sai ya fashe da kuka, ƙato da shi, yana rantsuwa. Ɗana ya ce to a kai sunan surukin. Na ce in an kai na surukin an kai na yaron, domin za a ce wa ya buɗe masa, kuma ko an sake shi ba shi da sauran zama a Dogon Dawa, ga mace ga goyo. Na ce abin da muke da shi a hannu shi ne mutum ya shiga akwati neman wasa. Sauran duk zato ne, kuma nawa zaton ya fi na kowa yawa, amma ba zan sa a ɗauki mutum a kansa ba. Wanda ya bar akwatin a buɗe kuma ga shi nan zaune, jininmu ne.

Aka kira azahar, ɗana ya tashi ya tafi salla. Da ya dawo masallaci ya ce ba zai kai suna ba. Zai je wurin shugabanninsu ya ce takarda ta fita ta hannun ɗansa, a ɗaga tafiya, kuma daga yau da biro za a rubuta. Ya san za a karɓe aikin daga gidanmu, an kuwa karɓe. Ya wuce bai dubi baƙon ba.

Saura su biyu da ni. Jikana ya buɗe sabon ɗaki da sabon suna da sabuwar kalma. Ya gyara shi yadda ko mutum ya san kalmar sai shi ya amince kafin ya shigo, ya kuma bar mai gadin a tsaye, wasan kaɗai ya yi wa izinin wucewa. Ya tura wa ukun. Sannan ya tsaya, yatsunsa a kan allon, bai dubi abokinsa ba.

Abokin ya ce, “Ba komai. Kar ka ba ni. In ya sake tambaya ban san me zan ce ba.”

Na tambayi jikana, “Na ji na Kaduna ya ce ya manta tasa amma yana shiga. Haka ne?”

“Haka ne. Sau ɗaya ake bugawa, kwamfutar ta riƙe zamanta a ciki.”

“To karɓi tasa ka buga da hannunka. Kai kuma juya ka kalli bango.”

Suka dube ni.

“Mutumin da ba ya iya hana surukinsa, ba a ba shi abin da za a roƙa. In ya ce ka sa masa, ka ce wallahi ba ka sani ba, kuma ba za ka yi kaffara ba.”

Ya juya ya kalli bango kamar mai jiran allura. Jikana ya buga, ya amince da shi daga tasa kwamfutar, ya rufe ya miƙa masa. Sai a sannan na ce a kawo ruwa da fura. Ya sha kaɗan, ya ce zai kama hanya tun rana na sama. Na ce ya gaida mai ɗakinsa. Ban ce ya gaida yayanta ba, ya kuma lura.

Ayarin ya tashi ran Alhamis maimakon Litinin, ya isa Kaduna lafiya, ɗana ya dawo lafiya. Sunan yaron bai je ko'ina ba, yana nan yana nomansa, matarsa ta sake haihuwa. Ranar Litinin ɗin da aka fasa kuwa, babu motar hatsi ko ɗaya da ta bi hanyar da sassafe. Saboda haka babu wanda ya san ko akwai masu jira a bakin daji ran nan, ko babu. Na tambayi direbobi a fakaice, na tambayi mata masu zuwa daga ƙauyukan hanya. Kowa ya ce bai ji komai ba.